Babi na 7: Ramin da Ke Bakin Iyaka, a Karɓa Ko a Mayar?

Idan rahoton injin awo ya nuna cewa faɗin rami yana cikin iyakar da zane ya bayar, amma saura ƙiris ya fita, shin ana iya sa hannu a ce aikin ya yi? Wannan tambaya kan tashi a duk inda ake ƙera kayan inji, kuma yawanci amsar da ake bayarwa gajeriya ce: layin kore ne, a tura. Idan kuma layin ja ne, a jefa cikin kwandon ruɓaɓɓun kaya. Launin da ke kan takarda yana da amfani idan lambar tana tsakiyar iyaka, ko ta yi nisa da fita. A bakin iyaka kuwa, launi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin lambar da aka shafa wa launin tana ɗauke da abubuwa uku da ba a gani a layin: hanyar da aka bi aka lissafa ta, siffar ramin, da kuma shakkar da ke tattare da awon kansa.

Za mu bi rami guda ɗaya daga farkon babin zuwa ƙarshensa.

Ramin da layinsa

Mu ɗauki gidan boris na alminiyam, wanda za a zaunar da boris mai lamba 6203 a cikinsa. Faɗin wannan boris ta waje milimita 40 ne, kaurinsa milimita 12. A kan zane an rubuta 40 H7. Ma'anar H7 ga rami mai wannan girma ita ce kada faɗinsa ya gaza 40.000, kada kuma ya haura 40.025. Duk sassaucin da aka bai wa maƙerin maikiron 25 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

An ɗora gidan a kan teburin dutse na injin CMM, allura mai ƙwallon yaƙutu a bakinta ta shiga ramin ta taɓa bango a wurare huɗu, rahoto ya fito kamar haka:

```
AX  NOMINAL   +TOL    -TOL     MEAS     DEV   OUTTOL
D   40.0000  0.0250  0.0000  40.0232  0.0232  0.0000
RN   0.0000  0.0060  0.0000   0.0011  0.0011  0.0000
```

Layin farko na faɗi ne. An auna 40.0232, wato ramin ya ɗara girman asali da maikiron 23.2, kuma gurbin OUTTOL, mai nuna yawan abin da ya fita daga iyaka, sifili ne. Layi na biyu yana nuna yadda bangon ya kauce wa cikakkiyar da'ira, ya ce maikiron 1.1 kacal. Tsakanin abin da aka auna da iyakar sama akwai maikiron 1.8. A kan wannan 'yar tazara ce za a sa hannu.

Wane faɗi ne wannan?

Ramin da inji ya haƙa ba shi da faɗi guda ɗaya. Yana da faɗi daban a kowace fuska da kowane zurfi, ko da bambancin bai wuce 'yan maikiron ba. Injin awo ba ya ganin rami, ɗigo-ɗigo yake tattarawa, sannan manhajarsa ta zana da'ira ta lissafi da za ta wakilci ɗigon. Yawancin manhajoji, idan ba a ce musu komai ba, sukan zana da'irar da ta ratsa tsakiyar ɗigon, wasu a cikinta wasu a wajenta. Ana danganta wannan hanya da masanin lissafin nan Gauss, a zane kuma alamarta GG. Lambar 40.0232 matsakaicin faɗi ce, ba mafi girma ba, ba kuma mafi ƙanƙanta ba.

Duk wanda ya taɓa ganin tukunyar alminiyam da ta faɗi bakinta ya lotsa ya san matsalar. Bakin ya matse ta wata fuska, ya buɗe ta ɗaya fuskar. Idan aka haɗa biyun aka raba, faɗin bai canja ba, amma murfin ba zai ƙara zama ba. Boris ma ba ya zama a cikin matsakaici.

Saboda haka sai an koma kan zane a ga abin da ya nema. A tsarin ISO, ƙa'idar ISO 14405-1 ta ce idan ba a rubuta wata alama ba, faɗin da ake nufi shi ne na ɗigo biyu masu fuskantar juna, kuma kowane irin wannan faɗi, a ko'ina cikin ramin, dole ne ya kasance cikin iyaka. Alamarsa LP. Idan aka ƙara harafin E a cikin da'ira bayan lambar, to akwai sharaɗi na biyu: sanda mai cikakkiyar siffa, mai faɗin iyakar ƙasa, ta iya shiga ramin har ƙarshensa. A zanen da ke bin tsarin Amurka na ASME Y14.5, wannan sharaɗi na biyu yana aiki ko ba a rubuta shi ba. Tunanin tsoho ne. A 1905 William Taylor na Leicester a Ingila ya yi rajistarsa ga gejin gwaji: ɓangaren da ake so ya shiga ya zama cikakkiyar sanda mai gwada dukkan ramin lokaci guda, ɓangaren da ba a so ya shiga kuma ya gwada ɗigo biyu kawai.

Daga nan abin da mai karanta rahoto yake buƙata ya fito fili. Idan lambar tana kusa da iyakar sama, kamar tamu, abin tambaya shi ne faɗin ɗigo biyu mafi girma. Idan tana kusa da iyakar ƙasa, abin tambaya shi ne da'ira mafi girma da za ta iya zama a cikin ramin ba tare da ta ci bango ba, wadda alamarta GX. Matsakaici ba ya amsa ko ɗaya daga cikin biyun, sai fa idan zanen ne da kansa ya rubuta GG.

Ɗigo huɗu da siffar ƙwai

Mai karatu zai iya cewa, ai layi na biyu ya nuna ramin kusan cikakkiyar da'ira ne, don haka matsakaici da mafi girma duk ɗaya ne. Da haka ne, da an huta. Amma wannan maikiron 1.1 daga ɗigo huɗu ya fito, ɗigo huɗu kuwa ba sa iya ba da shaida a kan siffa.

Ɗigo uku kowane iri suna bayar da cikakkiyar da'ira, ko da ramin murabba'i ne, domin ta kowane ɗigo uku da ba sa kan layi ɗaya ana iya zana da'ira. Ɗigo huɗu sun ɗara su da kaɗan. A ce ramin yana da siffar ƙwai, dogo ta gabas da yamma, gajere ta kudu da arewa. Idan allura ta taɓa daidai waɗannan fuskoki huɗu, za ta ga karkatar gaba ɗaya. Idan kuwa ta taɓa tsakankaninsu, digiri 45 daga kowace fuska, duk ɗigon huɗu za su faɗa kan da'ira ɗaya, rahoto ya ce karkata sifili ce. Ramin bai canja ba, yadda aka ajiye shi a kan tebur ne ya canja. Haka ɗigo shida masu tazara daidai za su iya kuskure rami mai ƙusumbi uku. Shi ya sa masu tsara awo suka fi son ɗigo bakwai a kan shida ko takwas, saboda bakwai ba ta rabuwa da biyu ko uku, ba kuma ta yin daidai da ƙusumbin da aka saba gani. Ga rami mai sassaucin maikiron 25 da ke bakin iyaka, ni ba na gamsuwa ko da bakwai ɗin. Idan injin yana iya jan allura a jikin bango ya zagaye ramin yana kwasar ɗaruruwan ɗigo, wannan ya kamata a yi.

Yana da kyau a san irin karkatar da za a nema, domin kowace tana da asalinta kuma tana cizo ta nata gefen. Siffar ƙwai takan zo ne idan an matse gidan ta gefe biyu lokacin haƙa ramin. Ramin yakan fito da'ira yana cikin matsi, ana sakinsa ƙarfen ya koma yadda yake, ramin ya miƙe. A irin wannan, faɗi mafi girma shi ne matsakaici a ƙara masa lambar karkata, mafi ƙanƙanta kuma a rage ta. Ƙusumbi uku kuwa yakan zo daga bakin inji mai haƙora uku idan ya damƙi abu mai siririn bango. Wannan ya fi ɓoye kansa, saboda duk inda aka auna da ɗigo biyu faɗin kusan ɗaya ne. Rami mai matsakaicin 40.003 da karkatar maikiron 5 mai ƙusumbi uku zai nuna kusan 40.003 a kowace fuska, amma sandar da za ta iya shiga cikinsa ba za ta wuce 39.998 ba. Rahoto kore ne, geji mai faɗin 40.000 ya ƙi shiga, sai a yi ta gardama tsakanin ɗakin awo da masu haɗa inji, alhali kowa gaskiya ya faɗa a kan abin da ya gwada.

Zurfi ma yana da nasa. Da'ira ɗaya labarin wuri ɗaya take bayarwa, ramuka kuwa sukan buɗe a baki su tsuke a ciki.

Shakkar awo

Ko da an lissafa faɗin da ya dace daga ɗigo masu yawa, lambar ba ta zama tabbas ba. A auna rami ɗaya sau goma, za a sami lambobi goma da suka ɗan bambanta. Takardar injin takan ɗauki layi irin wannan, bisa gwajin ISO 10360-2:

```
E0,MPE = 1.9 + L/300   (µm, L: mm)
```

Ga tsawon milimita 40, wannan ya kama kusan maikiron 2. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin shakkar awonsu, kuma kuskure ne. Lambar alkawari ce ta mai ƙera injin a kan awon tsayi, da sandunan gwaji masu santsi, a ɗaki mai daidaitaccen zafi. Ba ta san tsawon allurar da aka ɗaura yau ba, ba ta san kaushin bangon ramin ba, ba ta san yawan ɗigon da aka ɗauka ba. Shakkar wannan aiki na musamman sai an fitar da ita daban, ana rubuta ta da harafin U. Mu ce ɗakin awon ya fitar da tasa ga irin wannan rami, ta kama maikiron 3.

Ƙa'idar ISO 14253-1 ita ce ta tsara abin da za a yi da U idan babu wata yarjejeniya tsakanin mai ƙerawa da mai saye. A sauƙaƙe, wanda yake son tabbatar da magana shi ke ɗaukar nauyin shakka. Mai ƙerawa da ke cewa ramin ya yi dole ya matso daga kowace iyaka da gwargwadon U, don haka yankin karɓarsa ya koma daga 40.003 zuwa 40.022. Mai saye da ke cewa ramin bai yi ba, dole awonsa ya fita bayan iyaka da gwargwadon U, wato sama da 40.028 ko ƙasa da 39.997. Bugun 2017 na ƙa'idar ya sake fasalin lissafin zuwa tabbacin kashi 95 cikin ɗari, wanda ya ɗan rage faɗin wannan shinge, amma tunanin yana nan yadda yake.

Lambarmu ta 40.0232 tana tsakanin 40.022 da 40.028. Ba a tabbatar ramin ya yi ba, ba a kuma tabbatar ya lalace ba. Manhajar ta shafa masa kore ne kawai saboda ta kwatanta 40.0232 da 40.0250, babu wanda ya gaya mata U. A lura kuma da cewa maikiron 3 ta kowane gefe ya cinye 6 daga cikin 25, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sassaucin da maƙerin yake tsammani yana da shi.

Zafi da datti

Abubuwa biyu ne suka fi kumbura shakka a aikin yau da kullum, kuma dukansu ana iya rage su ba tare da kashe kuɗi ba.

Na farko zafi. Duk girman da aka rubuta a zane, bisa ISO 1, girma ne a digiri 20. Alminiyam yana miƙewa kusan maikiron 23 a kowace mita ga kowane digiri, baƙin ƙarfe kusan rabin haka. Rami yana buɗewa tare da ƙarfen da ya kewaye shi. Ga namu, kowane digiri ɗaya yana ƙara masa 0.040 × 23, wato maikiron 0.92. Gidan da aka ɗauko daga zauren aiki na Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, aka shigar da shi ɗaki mai sanyi aka auna nan take, zai iya kasancewa digiri goma sama da ɗakin, ramin ya nuna ƙarin maikiron 9. Shafa shi da hannu ba ya gaya wa mutum ko ya huce. Sai an bar shi ya zauna a ɗakin na sa'o'i, an kuma manna masa ma'aunin zafi.

Sanin zafin yana iya ceton ramin da aka yanke wa hukunci. A ce wani gidan ya nuna 40.0258, layi ja, amma ma'auni ya ce jikinsa digiri 24 ne, injin kuma yana 20. Digiri huɗu sun ƙara masa maikiron 3.7, don haka a digiri 20 faɗin kusan 40.0221 ne. Bai kamata a jefar da shi ba, a bar shi ya huce a sake aunawa. Kafin a yi wannan ragi da hannu, a duba ko manhajar ta riga ta yi shi, kada a rage sau biyu. A duba kuma wane ƙarfe aka gaya mata, domin idan tsarin awon yana ɗauke da lambar baƙin ƙarfe alhali gidan alminiyam ne, rabin gyaran kawai aka yi.

Na biyu ƙwallon allura. Injin yana bin inda tsakiyar ƙwallon ya tsaya ne, sannan ya ƙara faɗin ƙwallon don ya sami faɗin rami. Duk kuskuren da ke cikin faɗin ƙwallon yana shiga faɗin ramin kai tsaye. Idan ƙura ko ɓurɓushin alminiyam ya manne a ƙwallon bayan an daidaita shi, zai taɓa bango da wuri, ramin ya nuna ƙanƙanta. A iyakar sama wannan kuskure yana da haɗari, saboda yana mayar da ramin da ya buɗe ya zama kore. Maganinsa a goge ƙwallon da ramin, a sake daidaita allurar a kan ƙwallon gwaji, sannan a auna zoben gwaji mai girma kusa da na ramin, wanda aka san faɗinsa daga takardar shaidarsa, da allura ɗaya da tsari ɗaya.

Sake awon

Yanzu mu koma ga gidanmu. An bar shi ya kwana a ɗakin awo, zafinsa ya daidaita da na ɗakin. An sassauta abin da ya riƙe shi a tebur don kada matsi ya canja masa siffa. Zoben gwaji mai faɗin 40.0005 ya nuna 40.0010, don haka an san injin yana ƙara rabin maikiron a yau, za a rage shi daga kowane sakamako. Da wannan kwatanci da zobe, mu ce U ta sauka zuwa maikiron 1.5. An zagaye ramin a zurfi uku:

```
Z(mm)    GG      RN     LP max
  2    40.0236  0.0046  40.0282
  6    40.0219  0.0043  40.0262
 10    40.0204  0.0040  40.0244
```

Matsakaicin bakin ramin, 40.0236, bai yi nisa da 40.0232 na farko ba. Injin bai yi ƙarya a karon farko ba, ya amsa tambayar da aka yi masa ne. Abin da ya canja shi ne karkata, daga 1.1 zuwa 4.6, kuma hoton zagayen ya nuna siffar ƙwai da ke fuskantar wuri ɗaya a zurfin uku, alamar matsi lokacin haƙa. Ɗigon huɗu na farko sun faɗa kusan tsakankanin fuskokin ƙwan ne. Karkatar 4.6 ɗin tana cikin sassaucinta na maikiron 6, don haka layinta zai ci gaba da zama kore, amma idan aka ɗora ta a kan matsakaicin da ya riga ya kusanci iyaka, sai faɗin ya fita.

Lissafin hukunci gajere ne. Faɗin ɗigo biyu mafi girma 40.0282 ne. A rage rabin maikiron na zobe, ya zama 40.0277. A bai wa ramin dukkan amfanin shakka, a rage masa 1.5, ya zama 40.0262. Har yanzu yana sama da 40.025. An tabbatar ramin ya fita daga abin da zane ya nema. Ta gefen ƙasa babu damuwa, wuri mafi tsukewa yana kusan 40.016, boris zai shiga ba tare da gardama ba. Shigarsa cikin sauƙi ma ita ce za ta sa masu haɗa inji su ce ramin lafiya lau yake.

Ko za a iya amfani da gidan duk da haka, wannan wata tambaya ce daban, kuma ba mai awo ne ke amsa ta ba. Wanda ya zana injin shi ya san nauyin da boris zai ɗauka, da ko ƙarin sakin maikiron biyu ko uku ta fuska ɗaya zai sa zoben boris na waje ya riƙa zamewa yana cin gidan. Idan ya amince, ya rubuta amincewarsa a kan wannan gida da lambarsa. Aikin mai awo shi ne ya kai masa lambar gaskiya tare da hanyar lissafinta, yawan ɗigo, zafin ƙarfe da U. Ya kuma kai hoton ƙwan wurin mai injin haƙa, saboda gyaran yana can: a rage matsi kafin yankan ƙarshe, a kuma saita wuƙar ta nufi tsakiyar sassauci, wajen 40.012, inda karkata da shakka duka za su sami wurin zama.

Da sakamakon ya tsaya a tsakiya, misali 40.0245 da U ta 1.5, abin da za a rubuta shi ne ba a tabbatar ba. Sake aunawa har sai an dace da lambar da ake so a buga ba hujja ba ce. Ko dai a rage U da kayan awo mafi dacewa, kamar gejin iska da aka saita da zoben gwaji, ko a bi abin da yarjejeniyar ciniki ta ce a kan irin wannan yanki.

Duk wannan a kan faɗin rami ne da siffarsa. A rahoto, ƙarƙashin waɗannan layuka, yawanci akwai wani mai nuna inda tsakiyar ramin ta faɗa idan aka kwatanta da fuskokin da aka ɗauka a matsayin tushe. Idan zane ya sa harafin M a cikin da'ira kusa da wannan sassauci, faɗin da muka gama jayayya a kansa shi ne zai ƙayyade yawan ƙarin da za a bai wa matsayin ramin. Babi na gaba zai ɗauki wannan layi, da tambayar wanne daga cikin faɗin nan uku ya halatta a yi lissafin ƙarin da shi.